Kaso Dubu Arba'in da Bututu Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Maigyara ya yi yana kula da gine-ginen wani kamfani mai ba da hayar ofisoshi. Da famfo ya fara, yana ɗauke da akwatin sifana, ya ƙare yana shugaban masu gyara gaba ɗaya. Sunan ma can ya samo shi, ya bi shi har gida, har jikokinsa in an tambaye su kakansu sai su ce Maigyara. Abin da aikin ya bar masa shi ne gwiwoyi biyu da suka ƙi hawa bene, da kuma kuɗin sallama miliyan huɗu.

Tun kafin kuɗin su shigo ƙaninsa ya fara zarya. Shi yana da gidajen haya uku, kuma ba ya jin akwai wata dukiya a duniya in ba wadda za ka dafa da hannu ba.

"Yaya, ka sayi ɗan fili ka tsayar da shaguna huɗu. Ƙasa ba ta guduwa."

"Ƙasa ba ta guduwa, ɗan haya ne ke guduwa," in ji Maigyara. "Ya bar maka masai a toshe da ƙofa a ɓalle. Na yi wa wasu wannan bautar da albashi, ba zan yi wa kaina kyauta ba. Ina son gini, amma ba na son wayar da ake bugowa a ce rufi na yoyo."

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, akanta ce a wani kamfanin sufuri. Ita ta kawo maganar asusun gine-gine. Ta zauna a hannun kujerarsa ta buɗe masa takardun a wayarta.

"Mutane dubbai ne suke haɗa kuɗi, Baba, a sayi manyan gine-gine da su. Akwai amintattu da ke riƙe da takardun mallaka a madadin masu kuɗin, akwai kamfanin da aka ɗauka yana tafiyar da gine-ginen ana biyansa lada. Kai kaso kawai za ka saya a kasuwar hannun jari. In an karɓi haya aka cire kuɗin ɗawainiya, doka ta ce sai an raba wa masu kaso kusan duk abin da ya rage."

"Wa zai gyara famfo?"

"Su."

"Wa zai bi wanda bai biya ba?"

"Su dai."

Malama, matarsa, wadda ta bar koyarwa shekara biyu kafin shi, tana gefe tana guga. Ba ta ɗago ba ta ce, "To ai ka samu. Mutumin da yake son madara ba ya son warin garke."

Asusun da suka zaɓa yana da gini biyar: benayen ofisoshi biyu, babban ɗakin ajiyar kaya, gidan kwanan ɗalibai, da wata kasuwar zamani mai hawa uku. Dillalin hannun jari, wani siriri mai magana a hankali, ya gargaɗe shi cewa farashin kaso yana hawa yana sauka, rabon ma ba alkawari ba ne, kuma bai kamata mutum ya zuba duk abin da ya mallaka wuri ɗaya ba. Maigyara ya ce ya ji. A ransa yana cewa gini ai gini ne. Ya sayi kaso dubu arba'in a kan ɗari-ɗari.

Shekarar farko sai hamdala. Duk wata shida saƙo ya shigo wayarsa: huɗu da rabi a kan kowane kaso, an cire ɗan haraji, sauran suna banki. Yakan nuna wa ƙaninsa saƙon ya ce, "Ka ga nawa ɗan hayar? Ba ya tafiya biki, ba ya rashin lafiyar ƙarshen wata."

Wata ranar Asabar a shekara ta biyu Malama ta ce ya raka ta kasuwar zamanin nan ta sayo wa jikarsu takalmin makaranta. Bai taɓa shiga ba. Ya sa riga mai kyau, don ko ba komai yana da abin faɗa a wurin. Auta ce ta kai su da mota, ta shiga da su wurin ajiye motoci da ke ƙarƙashin ginin.

Yana fitowa daga motar ya tsaya. Hancinsa ne ya fara ji, warin siminti mai laima. Ya ɗaga kai. Wani ƙaton bututun ƙarfe ya ratso ta silin, kuma ƙarafunan da ke riƙe da shi biyu sun cinye da tsatsa, bututun ya ɗan yi ciki a tsakiya. An bi wurin da farin fenti, fentin kuma ya kumbura kamar ƙuna. Ya bi shi da ido har inda ya haura sama.

"Mene ne a saman nan?" ya tambayi wani mai gadi.

"Babban kantin kayan masarufi, Baba."

Malama ta ja hannun rigarsa. "Takalmi muka zo saya."

Ya bi su, amma hankalinsa bai bi su ba. Yayin da suke zaɓen takalmi a wani shago, ya shiga babban kantin ya tsaya ƙarƙashin silin yana ƙirga allunan da suka yi tabon ruwa. Bakwai, a jere, kuma layin ya nufi kusurwar da akwatin wutar lantarki yake. Wannan bututun ne ya ɗauko ruwa daga tankunan sama. Ya san irinsa kamar yadda ya san yunwar cikinsa.

Ya nemi ofishin manajan ginin. Sai da ya hau matakala ashirin da biyu, yana riƙe da ƙarfe, domin na'urar hawa ba ta kaiwa can. Manajan matashi ne mai waya biyu, ya saurare shi da kunne ɗaya.

"Baba, wane shago ne naka?"

"Ba ni da shago. Ina da kaso a asusun da ya mallaki ginin nan."

"To, madalla. Amma mu ɗan kwangila ne muke wa aiki, shi kuma kamfanin da ke tafiyar da asusun ne ya ɗauke shi. Ba ni da ikon karɓar umarni daga masu kaso. Kun fi dubu tara."

"Ba umarni nake ba ka ba. Bututunka zai fashe. Ka ba ni tsani da tocila da minti goma in nuna maka."

"In ka faɗo daga tsanin fa? Wa zai amsa?" Ya miƙo masa wata 'yar takarda mai adireshi. "Ka rubuta wa sashen hulɗa da masu zuba jari."

Ya rubuta. Auta ta buga masa, shafi biyu, da hotuna huɗu da ya koma ya ɗauka, da zanen da ya yi da biro na yadda bututun ya bi. Bayan kwana tara amsa ta zo: sun gode da kulawarsa, suna tabbatar masa ana duba duk gine-ginen asusun a kan kari. Ya sake rubutawa. Amsar da ta zo ita ce ta farko, ko waƙafi ba a canza ba. Ya buga waya, wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna, aka sa masa kiɗa har katinsa ya ƙare.

Ya je wurin dillali yana huci.

"Ba ka ce min ina da rabo a ginin nan ba?"

"Kana da rabo a asusun, ranka ya daɗe, asusun ne ke da ginin. Kaso miliyan hamsin ne gaba ɗaya. Naka ko ɗaya cikin dubu bai cika ba. Abin da kake da shi shi ne rabon haya, da ƙuri'a a taron shekara, da damar sayarwa in ka ga dama."

"Wato in ga gidana na cin wuta in jira taron shekara."

"Kai ka ce ba ka son kula da gini," in ji dillalin, ba da gatse ba. "Abin da ka saya ke nan."

Wannan maganar ta fi komai tsaya masa a rai, domin gaskiya ce. A gida ya yi ta tsaki shi kaɗai har Malama ta ce in tsaki na gyara bututu da tuni an gama. Ta ce ya sayar da kason ya huta tunda ya ga abin da ya gani. Ya ce a'a, ai zai sa su gyara. Ya ƙara wasiƙa ta uku, wannan karon ga amintattun. Su ma suka ce sun miƙa ta ga kamfanin da ke tafiyar da asusun, wato inda ta fito.

Wata huɗu bayan wasiƙar farko bututun ya fashe, da safe, ana cikin ciniki. Auta ce ta turo masa bidiyon da mutane suka ɗauka: silin ya rufto, ruwa na zuba a kan kantoci kamar da bakin ƙwarya, ma'aikata na gudu da kwalaye a ka. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma akwatin wutar ya ƙone, aka rufe hawan ƙasa gaba ɗaya. Ya kalli bidiyon sau ɗaya ya kife wayar.

"Ba ka ce komai ba," in ji Malama.

"Na faɗa. Sau uku, da hotuna."

Tsugune ba ta ƙare ba. Yarjejeniyar hayar babban kantin dama ta kusa cika, masu shi suka ce ba za su sabunta ba, suka kwashe kayansu. Su kaɗai ne ke biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk hayar da asusun ke samu. Da suka tafi masu saye suka ragu, ƙananan shaguna suka fara neman a rage musu. Kamfanin inshora ya ce zai biya wani ɓangare kawai, domin masu bincikensa sun ga alamun an bar bututun ya lalace. Rabon da ya biyo baya biyu ne a kan kowane kaso, maimakon huɗu da rabi. Farashin kaso a kasuwa ya gangaro daga ɗari zuwa sittin da takwas.

A daidai wannan lokacin likitan ƙashi ya duba hoton gwiwarsa ta hagu ya ce allura ta daina amfani, sai aiki. Miliyan ɗaya da rabi. Maigyara ya koma wurin dillali da rahoton asusun a hannu, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Nan an ce masu kimanta gini sun ce kowane kaso ya kai ɗari da biyar, har bayan ɓarnar. To su ba ni ɗari da biyar ɗin."

"Asusun ba ya sayen kasonsa daga hannunka. Sai an sami wani a kasuwa da ke son saya. Wancan darajar gine-ginen ce a takarda, wannan kuma abin da mutane suka yarda su biya ne yau. Kuma yanzu takardun bashin gwamnati na biyan riba mai tsoka, masu kuɗi duk can suka karkata."

"Sa min a tamanin da biyar."

"Zan sa, amma ba za a taɓa ba."

Ba a taɓa ba. Bayan sati biyu ya sauko saba'in. A cikin wasu sati biyun aka sayi dubu ɗaya da ɗari biyar, tsinta-tsinta, wani ya ɗauki ɗari uku, wani hamsin. Ƙaninsa ya zo gaishe shi, ya yi ta kallon silin ɗakin yana danne murmushi, sannan ya ce shi dai gidajensa ko nawa ne ba sa zama sittin da takwas. Maigyara ya ce masa ai ba wanda ke taya gidajen nasa kullum safiya, shi ya sa bai san nawa suke ba. 

Auta ce ta fi shi damuwa. Ta zo ranar Lahadi da rahotannin shekara uku, ta baje su a kan tebur, idonta ya yi ja.

"Baba, laifina ne. Rabon kawai na duba. Kalli nan." Ta nuna masa layin kuɗin gyare-gyare. Shekara uku a jere yana raguwa, har ya koma ƙasa da rabin yadda yake, alhali gine-ginen tsufa suke yi. "Ana cire kuɗin gyara kafin a raba. In suka rage gyara, rabo ya yi kauri, kowa ya yi ta yabonsu."

Ya daɗe yana kallon layin. Ya tuna yadda yake nuna wa ƙaninsa saƙon waya.

"Ashe bututun muka riƙa ci," ya ce. "Duk wata shida a yanko mana ɗan guntu." Ya ture takardar. "Ba laifinki ba ne. Ke lamba kika sani. Ni da na san gini, wannan layin ya kamata in fara nema kafin in sa hannu, ban nema ba."

Taron shekara a zauren wani otal aka yi, da hantsi. Ya je da sanda, Auta na riƙe da fayil ɗinsa. Shugaban kamfanin da ke tafiyar da asusun ya yi minti arba'in yana nuna hotunan gine-gine da rana ta haske su, ya kira abin da ya faru "hatsarin da ba wanda ya hango." Da aka buɗe tambayoyi Maigyara ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Sai da mutum biyar suka yi magana, ɗaya yana ƙorafin ba a raba jaka da kalanda bana ba, sannan abin magana ya zo hannunsa. Aka ce minti biyu.

"Ranka ya daɗe, ka ce ba wanda ya hango. Ni na hango. Ga wasiƙata, wata huɗu kafin ya fashe, ga amsarku. Ƙarfe biyu ne suka ci tsatsa. Da mai walda ɗaya da yini ɗaya da an tallafe shi kafin a canza. Kun rage kuɗin gyara shekara uku, kuna karɓar ladanku a kan darajar gine-ginen ko sun yi yoyo ko ba su yi ba. Tambayata ita ce, sauran gini huɗun wa ya hau ya duba su, kuma yaushe?"

Wasu suka tafa. Shugaban ya yi murmushi ya ce sun gode wa Baba, maganar tana hannun lauyoyi da kamfanin inshora don haka ba zai iya cewa komai ba. Maigyara ya buɗe baki zai ƙara, aka kashe abin maganar. Da aka zo ƙuri'ar amincewa da rahoton shekara, kowane kaso ƙuri'a ɗaya, ya jefa dubu talatin da takwas da ɗari biyar ɗinsa a kan ƙi. Aka amince da rahoton da kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari.

Yana neman hanyar fita, ransa a dagule, wata mata mai tabarau da ta zauna a layin gaba ta tare shi. Ta ce ita ce wakiliyar wani asusun fansho da ke riƙe da kaso miliyan tara, kuma ita ma ƙi ta jefa.

"Baba, zan iya samun wasiƙun nan da amsoshinsu? Mun tambaye su a rubuce ko an taɓa yi musu gargaɗi, suka ce ba su da labari."

Ya miƙa mata fayil ɗin gaba ɗaya. "Ki riƙe. Ni na gaji da ɗaukarsa."

"Ba zan yi maka alkawarin komai ba. Cire kamfanin sai an haɗa ƙuri'u masu yawa, ba mu da su. Amma amintattun sukan ɗaga waya in mu ne muka kira."

"Na lura," in ji shi.

Gwiwar ba ta jira kowa ba. A cikin wata biyu dillalin ya sayar masa da ƙarin kaso dubu ashirin da ɗaya da ɗari biyar, tsakanin sittin da shida da saba'in, aka cire lada. Abin da ya saya miliyan biyu da dubu ɗari uku ya tashi a miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai. Ranar da kuɗin suka cika bai ci abincin rana ba. Malama ta ajiye masa a rufe, da la'asar ta ce asarar da ta sayo ƙafa ba duka ce asara ba. Ya ce ta faɗa wa dillali.

Kwana uku bayan aikin, yana kwance ƙafar a naɗe, Auta ta shigo ɗakin asibitin da sanarwar da asusun ya fitar a kasuwar hannun jari. Ta karanta masa. Amintattun sun umarci a ɗauko injiniyoyi masu zaman kansu su binciki duk gine-ginen biyar. An sallami ɗan kwangilar da ke kula da kasuwar. Za a ninka kuɗin gyara, don haka masu kaso su sa ran rabo zai ci gaba da zama ƙasa har shekara biyu. Kamfanin da ke tafiyar da asusun yana nan daram, kuma sanarwar ta ce shi ne ya kawo shawarar binciken.

"Shi ya kawo?" Maigyara ya yi yunƙurin tashi, zafi ya mayar da shi. "Sake karanta wurin."

Ta sake.

"Yaron nan mai waya biyu shi aka kora, wanda ba shi ya rage kuɗin ba. Mu kuma mu biya gyaran."

"Farashin ya ɗan ɗaga, saba'in da huɗu," in ji Auta. "Saura dubu goma sha bakwai. In kana so in gaya wa dillali ya sa su."

Ya dubi ƙafarsa.

"Yanzu da za a fara gyara zan sayar? A bar su. Amma duk rahoton da ya fito ki buga min shi a takarda, manyan baƙaƙe, tun daga shafin kuɗin gyara."

Mai gashin ƙashi ta turo ƙofa da ƙarfen koyon tafiya, ta ce yau sai ya kai bakin taga ya dawo. Ya ce mata shi bai ga abin da zai je yi a taga ba. Malama ta miƙe ta kama masa hannu ɗaya, Auta ta ajiye wayar ta kama ɗayan, suka ɗaga shi yana mita. Taku shida ya yi kafin ya nemi kujera.